Layi Biyu a Ƙasan Hoton Sutnans

Memuwar ɗin da na rubuta a jami'a, wato kundin binciken kammala karatu, shafi tasa'in da huɗu ne, kuma wata bakwai na yi a kansa. Layi biyun da aka buga a ƙasan hoton ranar da na kare shi gaban malamai kuwa, kwana goma sha ɗaya suka ci mini, suka kuma kusa hana mahaifiyata bi ta ƙofar gidanta.

Ni ne ɗan fari a gidanmu. Wanda ya tashi a Gure ya san abin da wannan ke nufi. Tun da aka raɗa mini suna Inna ba ta taɓa furta shi ba. Da aka yaye ni aka miƙa ni gidan Gwaggo, yayar Babana, ƙofa uku tsakaninmu, can na girma. Idan na shigo gidanmu Inna ba ta yi mini magana, sai dai ta yi wa iska. Tana duban murhu za ta ce, "A ce wa mutanen gidan Gwaggo tuwo zai huce." Ni ne mutanen gidan Gwaggo, ni kaɗai, ko da kuwa babu kowa a tsakar gidan sai ni da ita da akuya. Baba ya fi ta sauƙi. Shi yana iya yi mini magana kai tsaye, muddin akwai wani abu kusa da zai kafa wa ido, bango ko jaki ko gindin dabino. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma Inna ta riƙe tata da kyau har mata suna kafa misali da ita a unguwa.

Shekara shida na yi a Damagaram ina karatu. Duk farkon wata sai direban kar ɗin Gure, wato motar fasinja, ya kira ni in zo tasha. Zan tarar da kwali ɗaure da igiyar kaba, an rubuta lambar wayata a gefe, ba sunan mai aikowa. A ciki akwai dabino, da cuku, wani lokaci da kilishi, sai gwangwanin madara cike da yaji. Direban yakan ce, "Gwaggonka ta aiko." Ni kuma in kira Gwaggo in yi godiya, ta ce ba komai ɗana, ka dai yi karatu. Sai dai a hannun Gwaggo na girma, na san yajinta, gishiri ne da barkono da fushi. Na cikin gwangwanin nan kuwa da citta da kanumfari da masoro da ɗan ƙuli, an daka shi har ya yi laushi kamar kwalli. Ƙullin igiyar ma na san shi, da shi ake ɗaure akuyar gidanmu. Haka muka yi shekara shida, ni ina gode wa wadda ba ta aiko ba, ita tana karɓar godiyar a madadin wadda ba za ta iya karɓa ba, kowa ya san aikinsa.

Lisans, wato digirin farko, ba ta da buki. A taga ake miƙo maka takardarta kamar tikitin kar. Mastar ce mai sutnans, wato ranar da ɗalibi zai tsaya ya kare memuwar ɗinsa gaban malamai uku da ake kira juri, jama'a na zaune a baya suna kallo. Nawa a kan yadda rairayi ke cinye lambunan kwari ne, abin da Baba ya sani tun kafin a haife ni ba tare da taswira ba. Aka ba ni minti goma sha biyar in yi bayani. Juri suka ɗauki awa ɗaya da rabi suna bayanin abin da ban yi ba. Ɗaya ya ce taswirata ta uku ba ta nuna arewa ba, ɗaya ya ƙirga waƙafin da na bari a shafi na goma sha biyu, malamin da ya duba mini aikin kuma ya kare ni ta hanyar cewa ai ya gaya mini. Sannan aka fitar da kowa waje su yi shawara. Da aka dawo da mu aka ce kowa ya miƙe tsaye, shugaban juri ya karanta hukunci: an karɓi aikin bisa sharaɗin gyare-gyare, goma sha shida bisa ashirin.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa tun kafin a fassara mata. Baba, wanda ya yi tafiyar awa uku a kar cikin babbar rigarsa ta Salla, ya duƙufa yana nazarin silin ɗakin. Inna ba ta zo ba, kuma babu wanda ya yi tsammanin za ta zo. Uwa ba ta zuwa inda za a yabi ɗanta na fari, ina za ta sa idonta?

A bakin ƙofa masu hoto na jira da rigar toj ta haya, baƙa mai faɗin hannu, da hular nan mai kama da faifai. Wanda ya fito kafin ni ya cire, na saka da ɗuminta. A hoton ina tsakiya ina murmushin wanda aka sallama daga likita. Gwaggo na dama ta rungume memuwar kamar jinjiri. Baba na hagu, taku ɗaya nesa da ni, yana duban wani wuri can gefe, kai ka ce mota yake jira muka zo muka tsaya kusa da shi.

Hoto ya samu, saura abin da za a rubuta a ƙasansa. A shafin farko na memuwar na riga na sadaukar da aikin ga iyayena da Faransanci mai ƙamshi, amma wannan godiya ce marar haɗari, don tana cikin kabad ɗin jami'a inda gara kaɗai ke karatu. Ta waya daban ce. Kowa zai gani, kuma ni ne na farko a zuriyarmu da ya kai nan. Ina so in ce na gode, ba na so a ce na yi alfahari, kuma, tunda gaskiya na zauna faɗi, ina so a san goma sha shida ce.

Abokin ɗakina, ɗalibin shari'a, shi ne gwanin wannan fanni. Ya rubuta wa mutum ya fi goma. Ya zaunar da ni ya ce abin ba wuya. Ka fara da saukar da asalinka ƙasa iyakar iyawarka, don gwargwadon zurfin ramin da ka fito, gwargwadon tsayin da za a ga ka yi ba tare da ka ce kai dogo ne ba. Ka sa sunan Allah a farko ko a ƙarshe. Sakamakon kuwa kada ka riƙe shi a hannu, ka bar shi ya faɗo a tsakiyar jimla kamar kuɗin da ya zube daga aljihu, ka kuma ce ba naka ba ne, na iyayenka ne. Da na nuna shakka sai ya buɗe mini wayarsa. Duk ƴan ajinmu ƴaƴan talakawa ne ashe, har da wanda direba ke kawowa. Kowa ya yi karatu a ƙarƙashin fitilar titi, har waɗanda garinsu babu fitilar titi.

Muka rubuta da Faransanci, ga ma'anarsa: "Ɗan mai lambu daga Gure, wanda iyayensa ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Sun kwana da yunwa don in ƙoshi, sun sa tsumma don in sa wannan riga. Baba, Inna, goma sha shidan nan taku ce. Ni ba kowa ba ne. Alhamdu lillahi." Na karanta sau biyu, idona ya ciko da hawaye saboda tausayin waɗannan mutane da ban taɓa gani ba. Na ɗora a sitatu, allon nan na waya da ke goge kansa bayan kwana ɗaya, da misalin ƙarfe biyu na rana.

Kafin la'asar mutum ɗari da wani abu sun gani. Waya tana nuna maka sunan duk wanda ya buɗe, kuma na yi ta leƙawa kamar mai kiwon kaji. Na lissafa da abokai da malamai. Ban lissafa da Majo ba.

Majo mijin Gwaggo ne, tsohon ma'aikacin likita mai ritaya, kuma shi ne idon danginmu a kan duk abin da aka rubuta da boko. Kullum bayan la'asar yana zaune a majalisar bakin kasuwa, yana karanta wa dattawa abin da ke cikin wayarsa. An san shi da ƙara gishiri a fassara. Ran nan kaɗai, don rashin sa'ata, ya fassara kalma da kalma, bai ƙara ba bai rage ba, har ya maimaita wurin tsumman don waɗanda ke nesa. Ba da mugunta ya yi ba. A ganinsa Faransancin ya yi kyau, kuma shi ya koya mini baƙaƙen farko.

Washegari da hantsi maƙwabciyarmu, wadda suka shekara ashirin da Inna suna gaisuwa mai daɗi da auna juna, ta shigo gidanmu da tiya biyu ta gero a ƙwarya da wani zane da ta ɗan sassaka. Ta ajiye a gaban Inna ta ce wallahi ba su sani ba, ai da an yi magana, maƙwabtaka ta wuce haka. Gwaggo ce ta ba ni labarin daga baya. Ta ce Inna ta yi godiya da fara'a, ta raka ta har zaure. Da azahar ta mayar mata da ƙwaryar ɗauke da tiya huɗu, da dabino a kai, da turmin atamfa sabo ko ninkinsa ba a warware ba.

Baba ba mai kiran waya ba ne, shi ake kira. Da na ga lambarsa na tashi tsaye. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Damagaram ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Sannan ya ce,

"Akwai abin da nake so ka tuna mini, don na tsufa. Wace shekara ce muka kwana da yunwa?"

Na ce ai salon magana ne, Baba, haka ake rubutawa.

"To. Na yi zaton ko ina lambu aka yi." Sai ya ƙara da cewa, "Alƙalamin kuma, wanda na rubuta maka allo da shi, sanda ce?"

Ya ce a gaida mutanen Damagaram, ya kashe.

Na goge sitatun nan take, ko da yake saura masa awa biyu ya mutu da kansa. Gogewar ba ta amfana komai ba. An riga an ɗauki hotonsa an jefa a gurup ɗin dangi, inda ba a rubutu sai saƙon murya. Wani kawu daga Alakos ya yi minti huɗu yana lissafa raƙuman kakanmu. Wata inna ta yi kuka ta ce a yafe mata, ita tana Bune ba ta ji labari ba. A ranar na gane abin da abokin ɗakina bai koya mini ba. Tawali'un da na yi, ba da rigata na yi shi ba. Na tuɓe wa iyayena tasu a kasuwa don a ga ni ba mai girman kai ba ne.

Da abin ya tsaya a waya da sauƙi, don waya mantuwa gare ta. Amma Gwaggo ta riga ta sa mai hoton Damagaram ya faɗaɗa hoton, ya sa shi a gilashi, a rataye a zauren Baba ranar walimar da za a yi mini Juma'a ta sama. Irin wannan hoto ana barin farin fili a ƙasansa, a buga rubutu da ruwan zinariya, layi biyu. Mai hoton ya ce in aika masa kalmomin kafin Talata, don ya buga, ya haɗa gilashi, ya ba kar ɗin Alhamis. Abin da aka buga a nan ba ya gogewa bayan kwana ɗaya. Yana nan a bango, duk mai shiga gidan da mai fita sai ya bi ta ƙarƙashinsa.

Na iso Gure ranar Asabar. Inna ta gaya wa murhu cewa mutanen gidan Gwaggo sun sha hanya, akwai fura a ɗaki. Ba ta ce komai a kan yunwa ba, amma furar ta ishi mutum biyar.

Majo ya tare ni da nasa rubutun, ya riga ya shirya a bayan takardar magani. Cikakken sunana, da sunan digiri, da sakamako, da sunan Baba da laƙabinsa, da sunan shugaban juri, sannan a ƙasa, cikin ƙananan baƙaƙe, "ƙarƙashin kulawar" shi kansa. Ya ce haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Na ce layi biyu mai hoto ya ce. Ya ce a rage girman hoton.

Ni kuwa na riga na yanke shawarar gyara ɓarnata. Tunda na ƙasƙantar da su, yanzu zan ɗaukaka su, musamman Inna. Na zauna na tsara da Hausa, na cire sakamakon gaba ɗaya, abin da ya yi mini zafi kamar cire haƙori. Na rubuta: "Ga mahaifiyata," na sa sunanta cikakke, "wadda ba ta taɓa gajiya da ni ba. Duk abin da na zama, ke ce." Na ga babu yunwa a ciki, babu tsumma, babu alfahari. Ranar Lahadi da hantsi na sami Gwaggo a tsakar gidanmu tana tsinke zogale, Inna na gefe tana tankaɗe. Na ce Gwaggo ki ji wannan, na ɗaga murya yadda zai kai inda nake so ya kai, na karanta.

Rariyar ta tsaya. Inna ta ajiye ta a hankali, ta karkaɗe hannu, ta shiga ɗaki ta saki labule. Garin na nan a faifai, kaji suka fara matsowa. Gwaggo ta kore su, ta dube ni, ta faɗi wata kalma da Barbarci wadda take ajiye wa jakin da ya shiga gona, ta bi ta ciki.

Ta daɗe kafin ta fito. Saƙon da ta kawo gajere ne. Inna ta ce a gaya wa mutanen gidan Gwaggo, idan aka rataye wannan a zaure, ita ta gama bi ta zauren. Gidanmu kuwa ƙofa ɗaya gare shi.

Na fara bayani. Na ce godiya ce, addini ma ya ce a gode wa iyaye, na kusa kawo hujja daga littafi. Gwaggo ta bar ni na gama, sannan ta ce,

"Kai shekara shida ka yi aka ba ka takarda. Ita shekara ashirin da bakwai tana riƙe da kunyarka, ko sau ɗaya bakinta bai suɓuce ba. Ranar da ka yi ƙyanda a ɗakina, bayan katanga ta tsaya tana tambayar lafiyar akuyata. Shi ne nata abin da ta iya, da shi aka san ta. Yanzu ka rubuta sunanta da zinariya kusa da naka, duk matar da ta shigo ta ce sannu uwar mai digiri, ta amsa ko ta ƙi? In ta amsa ta yi rashin kunya, in ta ƙi ta yi ƙarya."

Na ce to ai ban yi nufin haka ba.

"Wancan karon ma ba ka yi nufi ba. Karatun naku ba a koyar da nufi?" Ta koma kan zogalenta. "Kuma duk abin da ka zama ita ce. Madalla. Ni da na wanke maka kashi shekara uku, ashe haya aka ɗauke ni."

Wato da layi biyu na ɓata wa mata biyu rai, ban kuma ambaci goma sha shidana ba. Sai ga shi ina da abu biyu a hannu da ba sa shiga ƙwarya ɗaya. Idan na bar filin fari, ko na sa Alhamdu lillahi kaɗai kamar rubutun bayan mota, kowa zai zauna lafiya, amma na san ba zan sake samun wata rana da zan ce wa Inna na gode ba. Ba a yin sutnans sau biyu, kuma ba zan iya tsayawa a gabanta in faɗa da baki ba, sai dai in muna so mu duka biyu mu rasa inda za mu shiga. Idan kuma na faɗa yadda na iya faɗi, na rufe ta a gida.

Ranar Litinin na bi Baba lambu. Kwarin na nan yadda na zana shi a taswira ta uku, rairayi ya sauko ta arewa, wadda yanzu na san inda take. Yana gyaran shingen kaba da ke tare yashi, na kama masa. Tunda akwai shinge da zai duba, hira ta yiwu. Na gaya masa halin da nake ciki. Ya ce a bar wurin fari mana, hoto ai ba ya buƙatar tafinta. Na ce ina so in yi godiya. Ya ce wa aka ce bai gode ba? Ya ci gaba da ɗaura, can ya ce shi dai abin da ya sani, yaron da aka aika, in ya dawo cewa yake na dawo. Ba ya tsayawa a ƙofa ya ba da labarin nisan hanya, ba ya kuma yi wa wanda ya aike shi kirari. In akwai saƙon da aka ba shi a hanya, ya ce ya isa.

Na ce to ita fa, yaya za ta san da ita nake?

Ya ja igiya ya ƙulle. "Kwalin nan da ake kai maka, ka taɓa ganin suna a jikinsa?"

Na ce a'a.

"Ka taɓa kasa gane wanda ya aiko?"

Wannan ne karo na farko cikin shekara shida da wani a gidanmu ya yarda akwai abin sani game da kwalin. Na ce ashe dai Inna ce. Ya ce shi bai ce ba, direba ai ya gaya mini Gwaggo ce, in miƙo masa kabar can.

A hanyar dawowa na tsara shi, kuma bai ɗauki tsawon tafiyar ba. Na daina neman kalmar da za ta isa girman abin da suka yi, tunda duk wadda na ɗauko sai ta zama ko dai bara ko kirari. Na aika wa mai hoto:

"Alhamdu lillahi, an je an dawo.
Saƙo yana isowa. A gaida mai dakan yaji."

Sau biyu ya kira ni. Na farko ya ce kamar na tura masa saƙon wani ne bisa kuskure. Na biyu ya ce shi ba ruwansa, amma shekararsa goma sha biyu yana wannan aiki bai taɓa buga hoton mastar babu sakamako ba, ko dai ban ci da kyau ba ne? In haka ne akwai yadda ake rubutawa ba a gane ba. Na haɗiye wannan ma. Abokin ɗakina da na tura masa ya ce na zubar da goma sha shida a rairayi. Ban zubar ba, ga shi na faɗe ta a nan sau biyar ko shida.

Hoton ya iso ranar Alhamis a naɗe cikin tsohon bargo. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka buga ƙusa a zaure. Majo ya gyara tabarau ya karanta wa dattawa, ya juya gilashin ko akwai ci gaba a baya, ya ce Hausa ce, babu abin fassarawa, ya zauna kamar wanda aka yi wa ritaya ta biyu. Kawun Alakos ya ce magana ta yi, yaro ya je ya dawo. Wani ya tambayi wane ne mai yajin, Baba ya ce a miƙo wa baƙi ruwa.

Mata suka riƙa wucewa ta zauren zuwa cikin gida. Ni ina tsaye daga bakin ƙofar ciki ina karɓar barka, inda nake iya ganin tsakar gida. Inna na bakin babbar tukunya da muciya. Gwaggo, wadda ta haddace layin biyu tun da safe kuma ta gamsu tunda ita ce rungume da memuwar a hoton, ta tsaya a tsakiyar mata ta karanto su da ka, da ƙarfi, tana kallon sama. Maƙwabciyarmu mai gero ta ce ikon Allah, duk karatun nan a kan yaji ya ƙare? Gwaggo ta ce ai sai wanda ya ci.

Muciyar ba ta tsaya ba. Inna ta juya tuwon sau uku ko huɗu, ta ɗan ja mayafinta gaba, sannan ta ce wa tukunyar,

"Ashe direban nan mai amana ne."

Matan suka ce ƙwarai, samun irinsa sai an tona, hira ta koma kan direbobi da yadda suke yi da kayan mutane. Da la'asar aka ce kanwa ta ƙare. Akwai mata goma da za su iya zuwa, amma Inna ta yafa mayafi ta ce bari ta karɓo a maƙwabta. Ta bi ta zaure, ta ƙarƙashin hoton, ba ta ɗaga kai ba, ta dawo ta nan.

Bayan wata ɗaya na koma Damagaram in kai gyare-gyaren da juri suka ce, in kuma fara zagayen neman aiki, wanda ba shi da hoto. Karatu ya ƙare, ban sa ran komai ba. Farkon wata sai ga kiran direba. Kwalin na nan da igiyarsa da ƙullinsa, sai dai gwangwanin yajin biyu ne.

Direban ya ce, "Gwaggonka ta aiko."

Na kira Gwaggo na yi godiya. Ta ce ba komai ɗana. Kafin ta kashe ta ce wani abu na ba ta mamaki a zauren ƙanenta. Ko'ina ƙura, buzun salla ƙura, fitila ƙura, amma gilashin hoton nan kullum fes, kuma ta tambaya, duk gidan babu wanda ya taɓa ganin mai gogewa.